Farin Hazo a Jikin Tambulan: Yadda Ake Saita Gishiri da Ruwan Ɗauraya a Injin Wanke Kwanuka

Tambayar ta yi yawa, kuma kusan iri ɗaya ce: an sayi injin wanke kwanuka da kuɗi mai tsoka, watannin farko tambulan suna fitowa tas suna ƙyalli, sai a wayi gari sun fara fitowa da wani farin hazo kamar an barbaɗa musu alli. Mutum ya yi baƙi, ya ɗauko kofi zai zuba musu zoɓo, sai kunya ta kama shi. Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu ƙara sabulu, ko mu cika injin da gishiri don mai shago ya ce ruwan Legas ne. Ni ma haka na yi a gidana na Agege, na lalata tambulan shida da hannuna.

Abin da nake so ku riƙe kafin ku taɓa kowane maɓalli shi ne, babu wani abu guda da ake kira ruwan Legas. Yawancin gidaje bohol suke sha, wasu tanka ke kawo musu, wasu kuma na famfon gwamnati, kuma ruwan Agege daban yake da na Ajah. Farin hazon nan ma kala uku ne, maganin ɗaya yana ƙara wa ɗayan ciwo. Don haka a fara da bincike.

Kayan aiki

Farin ruwan khal, kwalba ƙarama. Takardar gwajin nauyin ruwa, wato yawan allin da ke narke a cikinsa, wadda za ku ga an rubuta `Total Hardness` ko `GH` a jikin kwalinta. Ana samunta wajen masu kayan tace ruwa da masu sayar da kifin ado. Gishirin inji, mai manyan ƙwayoyi. Ruwan ɗauraya, wanda aka rubuta `Rinse Aid` a kwalbarsa. Garin sitirik asid, irin wanda ake samu a kasuwar sinadarai ta Ojota da wajen masu kayan kek. Sai mazurari da littafin injin.

Ban sa farashi ba don kayan nan kusan duk na waje ne, dala na motsawa suna motsawa. Amma mafi arha a cikinsu, wato khal da takardar gwaji, su ne za su gaya muku ko kuna bukatar masu tsadar. Ku fara sayen waɗannan biyun kawai.

1. Gano wane irin hazo ne

Ku ɗauki tambulan ɗaya da ya fi dusashewa. Ku jiƙa yatsa ku goga a jikinsa. Idan farin ya goge nan take, ku ɗan taɓa yatsan a harshe. In kun ji gishiri, to gishiri ne: ko murfin ma'ajiyar gishirin injin bai rufu da kyau ba, ko kuma ruwan gidan kansa zartsi ne.

Idan bai goge da ruwa ba, ku zuba khal a ƙaramar roba, ku kwantar da tambulan ɗin ciki yadda rabinsa zai nutse, rabi ya tsaya a waje. Ku bar shi minti 10, ku ɗauraye, ku goge da busasshen ƙyalle, sannan ku ɗaga shi wajen taga. Dalilin barin rabi a waje shi ne ido yana ruɗin mutum. Jiƙaƙƙen gilashi kullum kamar ya washe yake, sai an ga ɓangarorin biyu gefe da gefe ake gane gaskiya. Idan ɓangaren da ya sha khal ya washe, ku yi hamdala. Allin ruwa ne, wato kalsiyam da maganiziyam da ruwan ya bari bayan ya bushe, irin farin ɓawon da ke kama gindin butar dafa shayi. Wannan yana da magani.

Idan kuwa khal bai yi masa komai ba, gilashin ne ya zaizaye. Babu wani abu da ya manne a kai balle a cire, fuskar gilashin ce ta ci. Sau da yawa kafin ya yi fari yakan fara da wani launi mai walƙiya kamar an ɗiga fetur a kan ruwa.

Gargaɗi: tambulan da ya zaizaye ba ya dawowa. Kada ku ɓata kuɗi a kan wani sinadari, kada kuma ku sa masa soson ƙarfe. Abin da ya rage shi ne a ceci sauran.

2. Auna ruwan gidan

Ku buɗe famfon kicin ɗin da injin yake sha daga gare shi, ku bar ruwan ya zuba kamar minti ɗaya, ku tara a kofi mai tsabta. Ku tsoma takardar gwajin na ɗan daƙiƙa ɗaya, ku fito da ita ku yarfe, ku jira lokacin da kwalin ya faɗa, yawanci bai wuce minti ɗaya ba, sai ku gwada launinta da jadawalin jikin kwalin.

Takardun da yawa suna ba da amsa da `ppm` ko `mg/L`, alhali injinan da ake kawo mana daga Turai sun fi aiki da ma'aunin Jamus, `°dH`. Lissafin ba wuya: a raba adadin da 17.8.

```
250 ppm ÷ 17.8 = 14 °dH
50 ppm ÷ 17.8 = 3 °dH
```

Ƙasa da 8 ruwa ne marar nauyi, wanda sabulu ke saurin kumfa a ciki. Daga 8 zuwa 14 matsakaici ne. Sama da 14 ya zama mai nauyi.

Gargaɗi: ɗan alƙalamin nan na lantarki da masu haɗa matatar ruwa ke yawo da shi, mai rubutun `TDS`, ba nauyin ruwa yake aunawa ba. Duk abin da ya narke a ruwan yake haɗawa, har da gishiri. A unguwannin bakin teku irin su Lekki da Ajah, inda ruwan gishiri kan kutsa cikin rijiyoyi, zai iya nuna adadi babba alhali allin ruwan kaɗan ne. Wanda ya saita injinsa da wannan adadin ya saita shi a kan kuskure.

Idan tanka ke kawo muku ruwa, ku auna sau biyu ko uku a makonni daban-daban, don ba kullum daga rijiya ɗaya suke ɗiba ba. Haka in rukunin gidajenku yana da wurin gyaran ruwa na haɗaka: akan zuba sinadarin rage tsamin ruwa, kuma wasu nau'o'insa suna ƙara masa alli. Na famfonku za ku auna, ba na bakin bohol ba.

3. Saita nauyin ruwa a jikin injin

A ƙasan injin akwai wani ɗan akwati cike da ƙwayoyi masu kama da ƙwan kifi. Ruwa yana bi ta cikinsu kafin ya kai ga kwanuka, suna riƙe allin. In sun ƙoshi, sai injin ya wanke su da ruwan gishiri su koma aiki. Aikin gishirin ke nan, ba shi ne ke wanke kwano ba. Saitin da za ku yi shi ke gaya wa injin sau nawa zai yi wannan wankin.

A injinan Bosch da yawa saitin yana tafiya daga `H:00` zuwa `H:07`, kuma daga kamfani yakan zo a kan `H:04`. Jadawalinsu ya ce ruwan da bai wuce 6 °dH ba a sa shi a `H:00`, wato ba ya bukatar gishiri sam. Mai 7 zuwa 8 `H:01` ne, mai 13 zuwa 16 `H:04`, mai 17 zuwa 21 `H:05`, haka har sama. A sababbin samfuri ana danne maɓallin `Setup 3 sec.` na daƙiƙa 3, sai harafin `H` ya fito a fuskar injin, a canza lambar, a sake dannewa don ya adana. Sauran kamfanoni suna da nasu lambobin, wasu ma ɗan maɓalli ne ake murɗawa a bakin ma'ajiyar gishirin, don haka jadawalin littafin injinku shi ne alƙali. In littafin ya ɓata, lambar samfurin tana gefen ƙofar injin ta ciki, da ita ake nemo shi a intanet.

A nan ne na yi tawa asarar. Wanda ya haɗa mana injin ya cika shi da gishiri, ya bar saitin yadda ya zo, ya ce shi ke nan. Da hazo ya fara fitowa sai na ɗauka alli ne, na ƙara saitin, na kuma riƙa cika ma'ajiyar sabulu maƙil ina wankewa da ruwa mafi zafi. Sai daga baya na auna, na ga ruwan bohol ɗinmu 3 °dH ne kacal. Ruwan da tun asali ba shi da alli, na sake tace shi, na haɗa shi da sabulu mai yawa da zafi, kuma waɗannan ukun su ne ainihin abin da ke cin gilashi. Har yau tambulan ɗin suna nan a bayan kabad, na kayan aurena ne, na kasa zubarwa.

Gargaɗi ga masu injin tokumbo: saitin tsohon mai shi yana nan a ciki. Injin da ya yi aiki a Landan, inda ruwa ke da nauyi sosai, zai zo muku da lamba babba. Ku duba kafin wankin farko. Wasu injinan kuma, musamman ƙirar Amurka, ba su da ma'ajiyar gishiri kwata-kwata. Masu irin wannan injin ku tsallake mataki na gaba.

4. Zuba gishiri

Wannan matakin na wanda gwajinsa ya nuna yana bukata ne. Ku zaro kwandon ƙasa, za ku ga babban murfi mai murɗawa a daɓen injin. Idan ba a taɓa zuba gishiri ba, a fara cika ramin da ruwa, kusan lita ɗaya. Sau ɗaya ake yin wannan a rayuwar injin. Sannan a kafa mazurari a zuba gishirin a hankali har ya cika, yawanci kilo 1 zuwa 1 da rabi. Ruwa zai yi ambaliya, ba matsala ba ce.

Sai wajen da ake yawan sakaci. Ku share ƙwayoyin gishirin da suka maƙale a bakin ramin da zaren murfin, don ƙwaya ɗaya tak tana hana shi zama daidai. Ku murɗa shi har ya tsaya, ku duba robar cikinsa ko ta tsage. Murfin da bai rufu ba yana sakin ruwan gishiri cikin kowane wanki, shi ne farin nan mai ɗanɗano na mataki na 1.

Gargaɗi: da zarar kun zuba, ku kunna injin nan take, ko da gajeren shirin ɗauraya ne. Ruwan gishirin da ya zube in ya kwana a daɓen yana sa tsatsa a jikin injin da cokula. Saboda haka kada ku zuba gishiri lokacin da babu wuta, sai in an tada janareta.

Gargaɗi na biyu: ban da gishirin miya. Laushinsa ya yi yawa, yana dunƙulewa ya toshe hanya, kuma akwai abubuwan da ake ƙara masa waɗanda injin ba ya bukata. Ban da zuba sabulu a ramin nan ko da bisa kuskure, yana kashe akwatin tace ruwan gaba ɗaya. In kuna da mai aiki, ku kira ta ku nuna mata ramukan uku da hannu, na sabulu da na ruwan ɗauraya a jikin ƙofa, na gishiri a ƙasa.

Fitilar gishiri, mai alamar kibiyoyi biyu kamar harafin S, takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta mutu bayan an cika. Ragowar gishirin kuma a juye shi cikin roba mai murfi, don laimar Legas tana mayar da shi dutse.

5. Cire tsohon allin

Saiti yana hana sabo taruwa ne, ba ya cire wanda ya riga ya kama. Ku kwashe komai daga injin. Ku murɗo rariyar ƙasa ku wanke ta da tsohon buroshin haƙori. Ku ciro fikafikan da ke fesa ruwa ku ɗaga su ga haske, duk ramin da ya toshe ku tsokale shi da tsinken sakace.

Sannan ku zaɓi shiri mafi zafi, mai digiri 65 ko 70. Ku kunna injin babu komai ciki, ku jira ya zubar da ruwan farko ya ɗebi na babban wanki, sai ku buɗe ƙofar a hankali ku zuba sitirik asid cokali 3 ko 4 na cin abinci a daɓen, ku rufe ya ƙarasa. In kun zuba tun farko, ruwan farkon zai tafi da shi banza. Tambulan kuwa a jiƙa su a roba cikin ruwan ɗumi da khal, a ɗauraye.

Gargaɗi: kada a haɗa asid ko khal da bilic, hayaƙin da suke fitarwa guba ne. Kada kuma a bar tukunyar alminiyam a ciki, tana baƙi.

6. Saita ruwan ɗauraya

Ruwan ɗauraya yana sa ruwa ya sulale daga jikin gilashi maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo da ya bushe a wurin yana barin abin da ke cikinsa, shi ya sa ko mai ruwa marar nauyi yana bukatarsa. Ma'ajiyarsa tana jikin ƙofa kusa da ta sabulu. A zuba zuwa layin `max`, a goge wanda ya zube, don yana tada kumfar da ke hana injin wanki da kyau.

Saitinsa a Bosch `r:00` zuwa `r:06` ne. A wasu injinan ɗan faifai ne mai lambobi ƙarƙashin murfin. Babu takardar da ke auna wannan, tambulan ɗin ne zai gaya muku. Idan kuna ganin tabon ɗigo zagaye-zagaye, ya yi kaɗan, a ƙara. Idan kuna ganin zane-zane masu shuɗi-shuɗi, ko gilashin yana ɗan santsi a hannu, ya yi yawa, a rage. Mataki ɗaya ake matsawa, a yi wanki biyu ko uku, sannan a sake dubawa. Wanda ya canza gishiri da sabulu da ruwan ɗauraya duk rana guda ba zai taɓa sanin wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Gargaɗi: wasu suna zuba khal a ma'ajiyar nan don sauƙin kuɗi. Ban ba da wannan shawarar ba, tsaminsa in ya daɗe yana cin robobin da ke hana yoyo.

7. Sabulu da shirin wanki

Bari in kawo gidan yayata a Ajah, don matsalarta akasin tawa ce. Ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, zo ki ga abin da injin nan yake yi mini, ko mayar da shi zan yi?" Na je na tarar har bangon injin ya yi fari fat, robobin abincin yara kuwa kamar an shafa musu farar ƙasa. Khal ya wanke tambulan cikin minti kaɗan. Takarda ta nuna 250, wato 14 °dH. Na buɗe ma'ajiyar gishiri, ruwa ne zalla, fitilar gishirin kuma, in ji Yaya, tun da aka kawo injin take kunne. Na ce, "Yaya, ba ki taɓa zubawa ba?" Ta ce ai ƙwayar sabulun da take saya an rubuta tana da komai a ciki.

Gaskiya ne masu irin wannan ƙwayar suna cewa tana iya aiki ba gishiri har wajen 21 °dH. Amma Yaya kullum shirin minti 30 take sawa, don ta gama kafin a ɗauke wuta ko don kada man janareta ya tafi. A wannan ɗan lokacin ƙwayar ba ta gama narkewa da aikinta, har mun tsinci guntunta a cikin rariya. Muka zuba gishiri, muka tabbatar saitin yana `H:04`, muka wanke injin da sitirik asid, muka cika ruwan ɗauraya. Ta koma shirin `Auto` in wuta ta tsaya, in kuma dole sai gajeren shiri, ta yi amfani da garin sabulu, don shi nan da nan yake narkewa. A wanki na uku tambulan suka fito wasai.

Ga mai ruwa irin nawa kuwa, akasin haka za a yi. A rage sabulu, gari ya fi don ana iya auna shi, rabin abin da aka saba ya isa gwaji. A sa tambulan a kwandon sama, a zaɓi shirin gilashi mai digiri 40 zuwa 45. A daina wanke kwanuka tas a famfo kafin a jera su. A kankare ragowar tuwo da ƙashi kawai, don sabulun da bai sami maiƙon da zai ci ba gilashi yake komawa. Tambulan masu tsada da masu zanen ruwan gwal, ni dai da hannu nake wanke su yanzu.

8. Idan duk an yi hazon bai tafi ba

Ku sake gwajin yatsa. Idan har yanzu gishiri kuke ji kuma murfin lafiya lau yake, ku ɗanɗana ruwan famfon. In zartsi ne, babu saitin da zai gyara shi, don akwatin injin alli yake riƙewa, ba gishiri ba. Sai dai a canza ruwan da injin ke sha, ko a sa masa matatar da ke cire gishiri, wadda masu sana'ar ke kira `RO`.

Idan tabon ya karkata zuwa rawaya ko ruwan ƙasa, irin wanda ke ɓata tayil ɗin banɗaki, ƙarfe ne a cikin ruwan. Wannan ma gishiri ba ya maganinsa, kuma a hankali yana kashe ƙwayoyin akwatin. Gyaransa a wajen tanki yake, kafin ruwan ya shigo gida.

Ku duba ƙarfin ruwan kuma. Injinan da yawa suna bukatar ƙarfin ruwa na aƙalla rabin `bar`, wato tankin sama ya ɗara bakin injin da kamar mita 5. Kicin ɗin da ke hawa na sama dab da tanki ba ya samun haka sai da ɗan famfon ƙara ƙarfi, kuma injin da ruwa bai ishe shi ba ba ya ɗauraye sabulu.

Na ƙarshe, ku lura da gishirin kansa. Ku leƙa ramin yau, ku sake leƙawa bayan wata guda na wanki kullum. Idan ruwanku mai nauyi ne, saitin yana daidai, amma gishirin yana nan yadda kuka zuba shi, to injin ba ya jan ruwan gishirin, ko dai ya dunƙule ya toshe, ko bawul ɗin da ke sakinsa ya mutu. Ku fara motsa shi da ƙotar ludayin katako ku ba shi mako guda. In bai ragu ba, lokacin kiran mai gyara ya yi, kuma ku gaya masa adadin da takardar ta nuna da lambar saitin da kuka sa, don kada ya fara da kwance muku famfon injin.